Darasi: Amfani da Tagar Sirri wajen Gano Ƙarin Burauza da ke Dagula Manhajar Intanet

Manufofin darasi

Ana sa ran cewa a ƙarshen wannan darasi ɗalibi zai iya:

1. bayyana hanyoyin da ƙarin burauza ke bi har ya hana manhajar intanet aiki yadda ya kamata;
2. buɗe tagar sirri da gudanar da gwaji a cikinta bisa ƙa'ida;
3. faɗin abin da sakamakon gwajin ya tabbatar da kuma abin da bai tabbatar ba;
4. zaƙulo ƙari ɗaya mai laifi daga cikin ƙare-ƙare masu yawa, sannan ya gyara matsalar ba tare da ya goge komai ba.

1. Manhajar intanet da ƙarin burauza

Ayyuka da dama da a da ake yi da takarda ko da manhajar da aka girka a kan kwamfuta yanzu sun koma cikin burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, irin su Chrome da Firefox da Edge da Safari. Shigar da makin ɗalibai, cike fom ɗin neman aiki, rubuta rasit a kanti da duba asusun banki duk ana yin su ne a shafukan da ke karɓar bayani su sarrafa shi, ba shafukan karatu kawai ba. Irin wannan shafi yana aiko wa burauza rubutattun umarni, galibi cikin harshen kwamfuta da ake kira JavaScript, kuma waɗannan umarni ne ke sa maballi ya yi aiki idan an danna shi, su ne kuma ke kai bayanin da aka rubuta zuwa ga sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan a can nesa.

> Manhajar intanet: manhajar da ake amfani da ita a cikin burauza ta hanyar buɗe adireshinta, ba tare da an girka ta a kan kwamfuta ba.

> Ƙarin burauza: ƙaramar manhaja da ake ɗora wa burauza don ta ƙara mata wani aiki, kamar toshe tallace-tallace, adana kalmomin sirri, gyaran rubutu, fassara, ko mayar da launin shafi baƙi. Masu shagunan intanet kan ce mata ekstenshin, a kan allo kuma ana ganin sunan `Extensions`.

Abin da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne, ƙari ba a gefe yake zama ba. Yawancin ƙare-ƙare masu amfani suna neman izinin karantawa da sauya abin da ke cikin duk shafin da aka buɗe, domin ba tare da wannan izini ba mai toshe talla ba zai iya cire talla ba, mai fassara kuma ba zai iya sauya rubutu ba. Saboda haka, a duk lokacin da aka buɗe manhajar intanet a burauzar da ke ɗauke da ƙare-ƙare, umarnin mutane daban-daban ne ke aiki a kan shafi ɗaya, kuma wanda ya rubuta manhajar bai san waɗanne ƙare-ƙare mai amfani ya ɗora ba, balle ya gwada aikinsa tare da su.

2. Yadda karon ke faruwa

Hanya ta farko, wadda kuma aka fi cin karo da ita, ita ce tare buƙata. Kafin shafi ya kammala buɗewa, burauza kan nemi fayiloli da yawa daga sabar, wasu hotuna, wasu kuma umarni. Mai toshe talla yana gwada adireshin kowace buƙata da wani dogon jerin ƙa'idoji, irin su EasyList na tallace-tallace da EasyPrivacy na masu bin sawun mutane, kuma idan adireshin ya dace da wata ƙa'ida sai ya hana buƙatar fita. Waɗannan ƙa'idoji suna duba suna da siffar adireshi ne, ba su san amfanin fayil ɗin ba, don haka wani lokaci sukan tare fayil ɗin da manhajar ke dogaro da shi, don kawai a cikin sunansa akwai kalma irin `ads` ko `banner` ko `analytics`. Shafin zai buɗe, zai yi kama da lafiyayye, amma wani sashe nasa ya riga ya mutu.

Hanya ta biyu ita ce sauya jikin shafin. Mai fassara yana cire rubutun asali ya sa wani a gurbinsa, mai gyaran rubutu yana cusa nasa alamomi a cikin akwatin da ake rubutu, mai adana kalmomin sirri kuma yana ɗora ƙaramin hoto a kan gurbin suna ko ma ya cike guraben da kansa. Manhajojin zamani da yawa suna riƙe da lissafin kowane yanki na shafin da suka gina, kuma idan suka koma don sauya wani yanki suka tarar an maye gurbinsa a bayan idonsu, sai aikinsu ya tsaya, wani lokaci ma shafin ya koma fari fat.

Akwai kuma karo tsakanin ƙari da ƙari, kamar masu adana kalmomin sirri biyu da ke rige-rigen cike gurbi ɗaya, ko masu toshe talla biyu da kowannensu ke aiki da nasa jerin. Wannan bai kai na farkon yawa ba, amma ya fi wuyar ganowa, kuma za a dawo kansa a sashe na 5.

Alamomin karo sukan yi kama da juna: maballi ya ƙi amsawa, fom ya ƙi tafiya, alamar jira ta yi ta juyawa ba iyaka, ko rubutu ya ɓace bayan an shigar da shi. Babbar alamar da ke jawo zargi ga burauza ita ce manhajar tana aiki lafiya a kwamfutar abokin aiki, da layin intanet ɗaya, amma ta ƙi a wannan kwamfutar.

3. Tagar sirri a matsayin kayan gwaji

> Tagar sirri: tagar burauza da ke fara aiki ba tare da kukis da ajiyar tagar yau da kullum ba, kuma take watsar da nata idan an rufe ta. Chrome na kiranta `Incognito`, Edge na kiranta `InPrivate`, Firefox da Safari kuma `Private Window`.

Ba don gyaran matsala aka ƙirƙiri wannan taga ba. Safari ce ta fara kawo ta a shekarar 2005, Chrome ya zo da ita a 2008, Firefox kuma a 2009, kuma manufar ita ce kada tarihin shafukan da aka ziyarta ya zauna a kan kwamfutar. Sai dai tun da ƙari yana iya karanta shafuka ya kuma adana abin da ya gani, masu ƙera burauza suka ga cewa barin sa ya yi aiki a tagar sirri zai rushe manufar, shi ya sa Chrome da Edge ke kashe ƙare-ƙare a wannan taga sai wanda mai kwamfutar ya ba izini da kansa. Firefox ta bi wannan tsari daga fitowarta ta 67 a shekarar 2019. Daga nan tagar ta zama hanya mafi sauri ta ganin yadda manhaja ke aiki babu ƙare-ƙare, ba tare da an cire ko an goge komai ba.

Ana buɗe ta daga jerin zaɓuɓɓukan burauza da ke kusurwar sama, ko kuma da madannai:

```
Chrome, Edge:  Ctrl+Shift+N
Firefox:       Ctrl+Shift+P
```

A kwamfutar Mac ana danna `Cmd` a madadin `Ctrl`, Safari kuma tana amfani da `Cmd+Shift+N`.

Kafin a fara gwajin akwai abubuwa uku da ake shiryawa. Na farko, a san ainihin matakan da ke haifar da matsalar, misali shiga asusu, buɗe shafin aji, rubuta maki, danna maballin adanawa, domin gwajin ba shi da ma'ana sai an maimaita matakai iri ɗaya a tagogin biyu. Na biyu, a tanadi suna da kalmar sirri, saboda sabuwar tagar ba ta san mai amfani ba, kuma idan wani ƙari ne ke adana masa kalmomin to shi ma a kashe yake. Na uku, a tabbatar da cewa babu ƙarin da aka taɓa ba izinin aiki a tagar sirri. Ana duba wannan ta hanyar rubuta ɗaya daga cikin adireshin nan a gurbin adireshi:

```
chrome://extensions
edge://extensions
about:addons
```

A Chrome ana danna `Details` a ƙarƙashin kowane ƙari a duba maɓallin `Allow in Incognito`, a Edge sunansa `Allow in InPrivate`, a Firefox kuma `Run in Private Windows`. Wannan mataki shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma tsallake shi na iya ɓata gwajin baki ɗaya, domin masu toshe talla, waɗanda su ne aka fi zargi, su ne kuma mutane suka fi ba wannan izini. Haka nan idan akwai wata tagar sirri da aka bari a buɗe tun ɗazu, sai a rufe ta, saboda duk tagogin sirri da ke buɗe a lokaci guda a Chrome da Firefox ajiya ɗaya suke amfani da ita, kuma ba ta gogewa sai an rufe ta ƙarshe.

4. Abin da sakamakon ke nufi

A nan ne mafi yawan masu gwajin ke yin gaggawa. Manhaja ta yi aiki a tagar sirri, sai a yanke hukunci cewa ƙari ne mai laifi, a fara cire ƙare-ƙare ɗaya bayan ɗaya. Wannan hukunci bai cika ba, domin tagar sirri ba abu ɗaya take sauyawa ba. Ban da kashe ƙare-ƙare, tana fara aiki babu kukis, babu tsohuwar ma'ajiyar wucin gadi, kuma babu bayanan da manhajar ta taɓa ajiyewa a cikin burauza. Lamarin ya yi kama da na majinyacin da ya sauya magani, ya sauya abinci, ya kuma sauya ruwan sha duk a rana ɗaya: idan ya samu sauƙi an san cewa ɗaya daga cikin ukun ne, amma ba a san wanne ba.

> Kukis: ƙananan bayanai da shafi ke ajiyewa a burauza don ya gane mai amfani idan ya dawo, kamar shaidar cewa ya riga ya shiga asusunsa.

> Ma'ajiyar wucin gadi: wurin da burauza ke ajiye kwafin fayilolin shafi don kada ta sake sauke su a kowace ziyara. Idan masu manhaja suka sabunta ta, tsohon kwafi na iya cin karo da sabon tsari.

Don haka, idan manhajar ta yi aiki a tagar sirri, abin da aka tabbatar shi ne sabar lafiya take, layin intanet lafiya yake, asusun mai amfani ma lafiya yake, kuma matsalar tana cikin abin da tagar yau da kullum ke ɗauke da shi, wato ko dai ƙari ko kuma tsohuwar ajiya. Wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne, domin ya hana a ɓata lokaci da kuɗi wajen sauya layi ko sayen sabon data, amma akwai sauran mataki ɗaya da zai raba zargin biyu. Ana komawa tagar yau da kullum, a kashe duk ƙare-ƙare ta hanyar maɓallin da ke jikin kowannensu, ba tare da danna `Remove` ba, sannan a sake loda shafin a maimaita matakan. Idan matsalar ta tafi, ƙari ne. Idan tana nan, ajiya ce. Sake loda shafin wajibi ne, saboda kashe ƙari ba ya warware sauyin da ya riga ya yi wa shafin da ke buɗe, ba ya kuma dawo da fayil ɗin da ya riga ya tare.

Idan kuwa manhajar ta ƙi aiki a tagogin biyu, zargi ya ragu a kan ƙare-ƙare, sai a juya ga sabar, ko layin intanet, ko tsufan burauzar, ko manhajar kariya daga cutar kwamfuta da ke tace shafuka daga wajen burauza. Akwai kuma sakamako na uku da kan rikitar da sabon mai koyo, wato tagar sirri ta haifar da wata sabuwar matsala da babu ita a da. Dalili shi ne tun shekarar 2020 Chrome ke toshe kukis na wasu shafuka na daban a tagar `Incognito`, Firefox ma tana tsaurara kariya daga masu bin sawu a tata tagar, kuma manhajar da ke dogaro da wani shafi na daban wajen shiga asusu ko biyan kuɗi na iya tsayawa saboda wannan. A irin wannan hali gwajin bai ce komai ba game da matsalar asali, kuma abin da ya dace shi ne a tafi kai tsaye ga kashe ƙare-ƙare a tagar yau da kullum, ko a yi amfani da `Troubleshoot Mode` da ke ƙarƙashin `Help` a Firefox.

5. Misali na farko: maballin da ya ƙi adana maki

A ƙaddara cewa sakatariyar wata makarantar sakandare tana shigar da makin jarrabawar zango a manhajar intanet ta makarantar. Ta rubuta makin aji guda, ta danna maballin `Save`, amma babu abin da ya faru, babu saƙon nasara kuma babu saƙon kuskure, alhali a kwamfutar mataimakin shugaban makaranta komai na tafiya daidai. Burauzarta Chrome ce, kuma tana ɗauke da ƙare-ƙare takwas, waɗanda wasunsu ma wanda ya riƙe kujerar kafin ita ne ya ɗora su.

Da farko ta buɗe `chrome://extensions`, ta tabbatar babu wanda ke da izinin `Allow in Incognito`, sannan ta danna `Ctrl+Shift+N`, ta shiga asusunta, ta rubuta makin ɗalibi ɗaya, kuma maballin ya yi aiki nan take. Ya kamata a lura cewa wannan maki ya shiga kundin makarantar da gaske, domin tagar sirri ba wurin atisaye ba ce, abin da aka aika daga cikinta yana isa sabar kamar kowane. Saboda haka a manhajar da ta shafi kuɗi ba a gwaji da tura kuɗi ko biyan kuɗi, sai a zaɓi matakin da ba zai yi ɓarna ba idan ya maimaitu.

Sai ta koma tagar yau da kullum, ta kashe duka takwas ɗin, ta sake loda shafin, maballin ya yi aiki. Yanzu ne aka tabbatar cewa ƙari ne, tun da kukis da ma'ajiya suna nan yadda suke kuma ƙare-ƙaren kaɗai aka sauya.

Wajen gano wanne ne daga cikin takwas, ana iya kunna su ɗaya bayan ɗaya, amma hakan na iya cin gwaji bakwai ko takwas. Rabawa biyu ta fi sauri. Ta ba su lamba daga 1 zuwa 8, ta kunna 1 zuwa 4, ta bar sauran a kashe, ta sake loda shafin, kuma maballin ya yi aiki, wanda ke nuna cewa mai laifin yana cikin 5 zuwa 8. Ta kashe huɗun farko, ta kunna 5 da 6, sai maballin ya ƙi. Daga nan ta bar 5 kaɗai a kunne, maballin ya sake ƙi, kuma 5 ɗin mai toshe talla ne. Gwaji uku suka wadatar ga ƙare-ƙare takwas, kuma da sha shida ne gwaji huɗu za su isa, domin kowane zagaye yana zubar da rabin waɗanda ake zargi.

Wannan dabara tana da iyaka guda. Idan matsalar ba ta bayyana sai ƙare-ƙare biyu sun haɗu, kuma rabawar ta jefa su a ɓangarori daban-daban, to kowane rabi zai fito lafiya, amma da zarar an kunna duka sai matsalar ta dawo. Wannan sakamako shi kansa shaida ne cewa karo ne tsakanin biyu, kuma abin yi shi ne a bar rabi ɗaya a kunne, a riƙa raba ɗaya rabin har a samu na farko, sannan a bar shi a kunne a raba wancan rabin don a samu abokin karonsa.

Akwai hujja ta ƙarshe da ta fi kowace ƙarfi, kuma tagar sirri ce ke ba da ita. Sakatariyar ta ba wa ƙari na 5 kaɗai izinin `Allow in Incognito`, ta buɗe sabuwar tagar sirri, ta maimaita matakan, sai maballin ya ƙi aiki a can ma. A tagar da ɗazu take lafiya, abu ɗaya tak aka ƙara, matsalar kuma ta biyo shi. Bayan wannan ta cire izinin, don kada ya ɓata gwajin gaba.

Mai son ganin dalilin da idonsa yana iya danna `F12` ya buɗe sashen `Console`, inda burauza ke rubuta kurakuran shafi da jan rubutu. A wannan misali za a ga layuka irin waɗannan:

```
GET https://example.com/js/analytics.js net::ERR_BLOCKED_BY_CLIENT
Uncaught ReferenceError: trackEvent is not defined
```

Layi na farko yana cewa an tare fayil ɗin ne daga cikin burauzar mai amfani, ba sabar ce ta ƙi ba da shi ba, kuma `ERR_BLOCKED_BY_CLIENT` alama ce da kusan kullum ke nuni ga mai toshe talla ko makamancinsa. Layi na biyu yana bayyana yadda tarewar ta kashe maballin: masu manhajar sun tsara cewa idan an danna `Save` a fara kiran wani umarni mai ƙirga amfani, sannan a aika makin, kuma da yake wannan umarni yana cikin fayil ɗin da aka tare, aikin ya tsaya kafin ya kai ga aikawa. Haka kuma, kusan duk kuskuren da adireshinsa ya fara da `chrome-extension://` ko `moz-extension://` daga cikin wani ƙari ya fito. Sai dai ba kowane jan layi ne ke da alaƙa da matsalar ba, domin shafuka masu lafiya ma sukan nuna kurakurai, don haka wanda ake lura da shi shi ne wanda ya fito daidai lokacin da aka danna maballin.

Gyaran bai buƙaci a rabu da mai toshe tallan ba. Kusan duk ƙare-ƙare irin wannan suna da maballin dakatar da aikinsu a shafi ɗaya, kuma shi ta danna a shafin makarantar, ya ci gaba da aiki a sauran shafuka. Ga ƙarin da ba shi da wannan maballi, Chrome yana da zaɓin `Site access` a ƙarƙashin `Details`, inda ake iya mayar da shi `On click` don kada ya yi aiki sai an kira shi, ko `On specific sites` don a taƙaita shi ga shafukan da aka zaɓa. Cirewa gaba ɗaya ta dace ne da ƙarin da ba a san wanda ya ɗora shi ba ko ba a san amfaninsa ba. Ya kuma dace a sanar da masu manhajar, tare da sunan ƙarin da layukan kuskuren, domin a wannan misali akwai nasu rabon laifin: bai kamata adana maki ya rataya a kan ƙirga amfani ba.

6. Misali na biyu: lokacin da ƙari ba shi da laifi

A ƙaddara cewa mai kantin magani yana rubuta rasit da manhajar intanet, kuma wata safiya shafin ya tsaya a kan alamar jira. A tagar sirri ya buɗe lafiya, amma da ya kashe duk ƙare-ƙarensa a tagar yau da kullum ya sake loda shafin, matsalar tana nan. Wannan ya wanke ƙare-ƙaren, ya bar ajiya. Matakin farko shi ne `Ctrl+Shift+R`, wanda ke tilasta wa burauza sauke fayilolin shafin daga sabar maimakon tsofaffin kwafi, idan kuma bai wadatar ba sai a goge bayanan wannan shafi kaɗai ta hanyar `Site settings`, da ake samu idan an danna alamar da ke hagu da adireshi. Kafin a goge, wajibi ne a tuna cewa manhajojin da aka ƙera don wuraren da intanet ke yankewa, kamar fom ɗin tattara bayanai na ma'aikatan lafiya a karkara, suna ajiye aikin da bai riga ya tafi ba a cikin burauza, kuma gogewar za ta tafi da shi ba tare da hanyar dawowa ba.

7. Abubuwan da tagar sirri ba ta kashewa

Fassarar da ke cikin Chrome ita kanta ba ƙari ba ce, sashe ne na burauzar, kuma tana aiki a tagar sirri. Wannan ya shafi masu karatu da Hausa kai tsaye, domin wanda ya saita burauzarsa ta riƙa mayar da shafukan Turanci ko Faransanci zuwa Hausa na iya ganin manhaja tana faɗuwa a tagogin biyu, ya ɗauka daga sabar ne. Fassarar tana cire rubutun asali ta sa nata, kuma manhajojin da aka gina da React, wani sanannen kayan gina shafuka, sukan faɗi da wannan saƙo idan suka nemi rubutun da aka cire:

```
Failed to execute 'removeChild' on 'Node'
```

Gwajin a nan shi ne a kashe fassara a wannan shafi, a sake loda shi, a yi aikin da harshen asali.

A kwamfutar ofis da ke ƙarƙashin kulawar ma'aikata kuwa, mai kula da na'urori na iya ɗora ƙarin da ma'aikaci ba zai iya kashewa ba, ko ma ya hana buɗe tagar sirri, kuma a nan abin yi shi ne a kai masa sakamakon gwajin da aka iya yi. Game da waya, Chrome na Android ba ya karɓar ƙare-ƙare, don haka idan manhaja ta gyaru a tagar sirri ta wannan burauza, zargin yana kan ajiya. Firefox na Android da Safari na iPhone kuwa suna karɓa, kuma dabarar darasin ta shafe su.

Tambayoyin bita

1. Bayyana hanyoyi biyu da ƙarin burauza ke bi wajen hana manhajar intanet aiki, tare da misalin irin ƙarin da ke bin kowace hanya.
2. Me ya sa ake duba `Allow in Incognito` kafin a fara gwaji, kuma wane kuskuren hukunci ne zai iya biyo baya idan ba a duba ba?
3. Manhaja ta yi aiki a tagar sirri amma ta ƙi a tagar yau da kullum. Me wannan ya tabbatar, me kuma ya rage a tabbatar?
4. Don me ake sake loda shafi bayan an kashe ƙari?
5. Kwamfuta tana da ƙare-ƙare sha shida, ɗaya daga ciki ne mai laifi. Gwaji nawa ake buƙata idan aka bi hanyar rabawa biyu? Rubuta matakan, a ƙaddara cewa na 11 ne mai laifin.
6. An raba ƙare-ƙare gida biyu, kowane rabi ya fito lafiya, amma da aka kunna duka matsalar ta dawo. Me wannan ke nufi, kuma yaya za a ci gaba?
7. Me saƙon `ERR_BLOCKED_BY_CLIENT` ke nunawa game da wurin da aka tare fayil?
8. Wace hasara ce za ta iya faruwa idan aka goge bayanan shafi ba tare da bincike ba?
9. Aikin gwaji: buɗe shafin ƙare-ƙare na burauzar kwamfutar aji, ka rubuta sunan kowane ƙari da aikinsa, ka nuna waɗanda ke da izinin aiki a tagar sirri.